Ina sauran gig 25 na wayata suka tafi?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗaliba ce a Kongo. Makon jiya na sayi sabuwar waya a PZ, a jikin kwalinta an rubuta 128 GB. Da na gama saita ta na dawo da WhatsApp ɗina, sai na ga 103 GB ne kawai ya rage, alhali ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Da yayana ya jona ta da laftof ɗinsa kuma, sai ta nuna wai 96 GB ya rage cikin 107 GB. Cutata aka yi in mayar musu, ko dama haka abin yake?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki adana risit ɗinki, amma kada ki ɓata kuɗin adaidaita zuwa PZ. Lambobin nan huɗu da kika kawo sun dace da juna yadda na saba gani a waya mai gaskiya. Wadda ta fi kwantar mini da hankali ita ce 107 ɗin da ta tayar da naku hankalin, kuma zan dawo kanta. Na daɗe ina gyaran waya a Sabon Gari, kuma da wuya mako ya wuce wani bai shigo da kwali a hannu da wannan ƙorafin ba. Amsar da aka saba ba su a shago, wai "lissafin kwamfuta ne, 1024 maimakon 1000", gaskiya ce, sai dai ba ta kai rabin labarin ba. A wayarki ma ba ita ce ta cinye gig 25 ɗin ba.

Mudu biyu, hatsi ɗaya

A ce kin auno masara a kasuwar Giwa, aka ƙirga miki mudu ɗari, kika iso gida aka sake awo da wani mudun da ya ɗan fi wancan zurfi, sai aka sami casa'in da uku. Ko ƙwaya ɗaya ba ta zube a mota ba. Mudun ne ya canza.

Haka yake a ma'ajiyar waya. Abin da ake ƙirgawa shi ne bayit, wato wurin da zai ɗauki kamar harafi ɗaya na boko. Kamfanonin da ke ƙera waya da memori suna kiran bayit biliyan ɗaya cif, 1,000,000,000, da sunan gig ɗaya. Wannan shi ne ƙaramin mudu, kuma da shi ake rubutu a kwali. Ita kuwa kwamfuta a cikinta ninki-ninki take ƙirge, biyu, huɗu, takwas, sha shida, har ta kai 1024, wanda shi ne ya fi kusa da dubu. Shi ya sa tun farko masu rubuta manhaja suka ɗauki 1024 a matsayin dubunsu. In aka ninka 1024 sau 1024 sau 1024, sai a sami 1,073,741,824, su ma kuma suka kira shi gig ɗaya. Suna ɗaya, amma wannan mudun ya ɗara wancan da kimanin bakwai cikin ɗari. A 1998 hukumar IEC ta raɗa wa babban mudun suna na daban, GiB, don a daina rikicewa, amma Windows har yau da babban mudu take awo, ta kuma rubuta GB a gefe.

Yanzu ki ɗauki kalkuleta. Wayarki ta ce 103, wato bayit biliyan 103. Raba shi da 1,073,741,824, za ki sami 95.9, wanda laftof ɗin Yaya ya cike ya kira 96. Ke nan wayar da laftof ɗin abu guda suka faɗa, kowa da mudunsa. Ita ma 107 ɗin in kika mayar da ita ƙaramin mudu za ta zama kusan 115.

Ga inda 'yan shago suke kuskure. Tun daga Android 8, wanda ya fito a 2017, shafin Storage ya koma awo da ƙaramin mudu, irin na kwali. Wayoyin iPhone ma sun koma haka a wannan shekarar da iOS 11. Saboda haka idan wayar zamani ta nuna miki 103 cikin 128, bambancin mudu ba shi da hannu a ciki, domin duka lambobin biyu da mudu ɗaya aka auna su. Gig 25 ɗin nan akwai abin da ya hau kansu da gaske.

Akwai dai kamfanonin da suka ci gaba da cakuɗa mudun a shafi ɗaya. A 2023 an yi ta surutu da aka ga Galaxy S23 mai 512 GB tana nuna sistam ya ci kusan 60 GB. Da aka bi diddigi, sai aka gano wayar na auna kaya da babban mudu, tana rubuta jimla da ƙarami, ta kwashe ratar ta zuba a layin System. Bayit biliyan 512 a babban mudu 477 ne, ke nan kusan 35 daga cikin 60 ɗin nan lissafi ne kawai, babu wani fayil a wurin. Na kawo wannan ne don ki san layin System ba awo ba ne na kai tsaye. Wayar tana ɗaukar jimlar abin da aka cinye, ta cire hotuna, bidiyo, manhajoji da duk abin da ta iya gane mai shi, sauran da ya rasa mai shi sai ta jingina wa System. Kamar akawun da in kuɗi suka ƙi daidaita sai ya rubuta "sauran abubuwa".

Daga 128 zuwa 115: abin da aka yanke kafin a rufe kwali

Wanda ya sayi fili ƙafa hamsin-hamsin a Dan Magaji ya san ba duka zai shimfiɗa tabarma a kai ba. Katanga za ta ci nata, zaure ya ci, rijiya da makewayi su ci. Abin da aka rubuta a takardar fili gaskiya ne, amma ɗakunan kwana ba za su kai shi ba. To 128 ɗin kwali girman fili ne.

Ma'ajiyar wayarki wani ɗan baƙin aisi ne a jikin fanel, bai kai girman farcen babban yatsa ba. A ƙananan wayoyi eMMC ne, a manya UFS. Ƙwayoyin da ke riƙe bayani a cikinsa suna gajiya: duk rubutu da gogewa yana ɗan cin su, har wata rana wani sashe ya mutu. Don haka a cikin aisin akwai ɗan ƙaramin manaja da ke ɓoye wani kaso a matsayin safaya, yana jujjuya rubutu don kada wuri ɗaya ya ƙare kafin saura, in wani sashe ya lalace ya musanya shi ba tare da kin sani ba. Wannan ɓoyayyen kaso ko Android ba ya ganinsa. Galibi ana cire shi ne daga rarar da ke tsakanin mudun biyu, tunda shi aisin a ninki-ninki ake ƙera shi, amma akwai eMMC masu sunan 128 da abin da suke miƙa wa wayar bai wuce bayit biliyan 125 ba. Duk da haka shafin Storage zai cike ya rubuta 128, domin an tsara shi ya nuna lambar da ta yi daidai da ta kwali. Ukun da suka ɓace sai su faɗa cikin System.

Abin da ya rage kuma sai a yayyanka shi ɗaki-ɗaki. Duk wanda ya taɓa yi wa waya filashin ya ga jerin sunayensu a kwamfuta, sau da yawa sun haura talatin. Akwai `boot` mai tayar da waya. Akwai ɗakin da ke riƙe manhajar da ke magana da turken MTN ko Airtel. Akwai wani ɗan mitsitsi da ke ajiye lambar IMEI da saitin siginar wayar, wanda a wayoyi masu injin MediaTek ake kira `nvram` da `nvdata`, a na Samsung kuma `efs`. Wannan ɗan ɗakin bai taka kara ya karya ba wajen girma, amma na sha karɓar wayar da wani ɗan koyo ya share shi garin filashin, ta dawo tana kunnuwa lafiya lau, sai dai ba ta ganin layi ko kaɗan. Babban cikinsu shi ne `super`, wanda ya shigo da Android 10. A nan Android kansa yake zaune, tare da kwalliyar da kamfani ya ɗora masa, irin su HiOS na Tecno, XOS na Infinix ko One UI na Samsung, da ƙananan manhajojin da ke tafiyar da kyamara da sauran sassa, da harsuna da haruffa, da duk manhajojin da kika tarar a ciki. Shi kaɗai yakan ci gig da dama, kuma an yanka shi da ɗan sarari don sabuntawar shekaru masu zuwa ta sami wurin zama.

Wasu wayoyin ma ninki biyu suke da shi na wasu ɗakunan. Wannan tsari ya fara ne da Android 7 a 2016: wayar na aiki da kwafi ɗaya, tana rubuta sabuntawa a ɗayan, in an kashe an kunna sai ta koma sabon. In sabon ya ƙi tashi, ko batir ya mutu ana tsaka da aiki, sai ta koma tsohon. A garin da wutar lantarki ke zuwa ta tafi ba sallama, ni ban ga asara a wannan ba. Da can, wayoyin da suka maƙale a tambarin kamfani saboda sabuntawa ta yanke a tsakiya suna cikin abin da ya fi kawo mana ciniki. Daga Android 11 an rage cin wurin, ta yadda babban kwafin na biyu ba ya zama dindindin, aron wuri yake yi a ɓangarenki lokacin sabuntawa ya mayar in an gama.

Bayan an fitar da duk waɗannan, ɗaki na ƙarshe shi ne naki, `userdata`. Shi ne laftof ɗin Yaya ya auna ya ce 107, wato 115 a mudun kwali. Ga gig 13 sun fita, kuma waɗannan ba su dawowa. Ko kin yi wa wayar Factory reset sau goma, ɗakinki kawai yake sharewa, ba ya taɓa katanga.

Daga 115 zuwa 103: abin da ya faru a hannunki

Nan ne labarin ya fi daɗi, don nan ne ake iya ƙwato wani abu. Kwanakin baya wata Hajiya mai sayar da atamfa a Tudun Wada ta aiko ɗanta da sabuwar waya mai 128, a kwali, in saita mata. Da yake na san tambayar da za ta biyo baya, sai na riƙa rubuta lambobin a bayan risit. Kafin komai na jona ta da kwamfuta na buga wannan:

```
adb shell df -h /data
```

Ƙarƙashin Size ta nuna 107G, daidai da taki. Wannan umarnin da babban mudu yake awo. A shafin Storage kuwa, kafin in saka mata layi ko in haɗa ta da intanet, wurin da ya rage 110 ne. Ke nan tun ba a yi komai ba biyar sun tafi daga cikin 115.

Ɗaya daga cikin biyar ɗin, ko ƙasa da haka, na tsarin ajiyar fayil ne. Kafin a iya ajiye komai a ɗaki sai an kafa kantoci an buɗe rajistar da ke nuna wane fayil ne yake ina. Wayoyin Android suna amfani da ext4 ko F2FS, kowannensu kuma yana riƙe wani kaso don rajistarsa da wurin juyawa. Sauran huɗun kuwa suna rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, sai dai ba wanda ya karanta su a haka. An rubuta ram 4+4. Ram shi ne wurin da waya ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin. Huɗun farko ram ne na gaske, aisi ne da aka liƙa a fanel. Huɗun da aka ƙara ba wani aisi ba ne, yanka aka yi daga ma'ajiya ana amfani da shi kamar ram. Tecno na kiran abin Memory Fusion, Infinix MemFusion, Xiaomi Memory extension, kuma sau da yawa a kunne yake zuwa. Ma'ajiya ba ta kusa da ram wajen sauri, musamman eMMC, don haka amfaninsa bai wuce ya bar manhajojin da kika buɗe ɗazu su daɗe ba a rufe su ba. Ba ya sa waya gudu. A ganina, rubuta 4+4 da manyan haruffa a kwali ya fi kusa da wayo fiye da rubuta 128.

Na haɗa wayar Hajiya da intanet na bar ta a caji ta kwana a shago. Da safe ta koma 106. Ban saka mata manhaja ko ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne Play Store ya bi manhajojin da suka zo da wayar ɗaya bayan ɗaya yana sabunta su: Chrome, YouTube, Maps, Gmail, Google Play services da sauransu. An haɗa manhajar wayar watanni kafin ta iso Zariya, kusan komai na cikinta ya tsufa. To ɗakin `super` a kulle yake, karantawa kawai ake yi, ba a rubutu a cikinsa. Saboda haka sabon Chrome ba ya hawa kan tsohon, sai ya zo ya zauna a ɗakinki, tsohon kuma yana can inda yake. Kowace manhaja da aka sabunta ta zama kwafi biyu ke nan. Ƙari a kan haka, idan waya tana caji ba a taɓa ta, Android yana sake sarrafa manhajoji zuwa sigar da injin wayar zai fi saurin karantawa, waɗannan fayilolin ma a ɗakinki suke sauka. Shi ya sa sabuwar waya takan ɗan yi ɗumi a daren farko, wuri kuma ya yi ta raguwa a kwana biyu ukun farko kafin ya tsaya.

In taki ta bi wannan hanyar, daga 106 zuwa 103 saura uku, kuma kin riga kin faɗi mai su da bakinki. Kin ce ba ki ɗauki hoto ba, amma kin dawo da WhatsApp. Duk hotunan biki, muryoyin guruf ɗin aji, handawut da aka turo da bidiyon wa'azin da ba ki taɓa buɗewa ba, in suna cikin abin da kika adana a Google Drive, sun sauko tare. Ki shiga WhatsApp, Settings, Storage and data, Manage storage, za ki ga adadin a sama. Zan yi mamaki in bai kai gig biyu zuwa huɗu ba. Ba na rantsuwa a kan rabon dalla-dalla tunda wayar ba ta hannuna: mai yiwuwa naki ƙarin ram ɗin uku ne, WhatsApp ɗin ya fi haka. Amma masu cin wurin su ne waɗannan.

Da na kashe wa Hajiya ƙarin ram ɗin na sake kunna wayar, ta koma 110. Ɗanta ya tsaya yana kallona kamar na yi tsafi.

Yadda ake gane an cuci mutum da gaske

Ba duk mai ƙorafi ne yake kuskure ba. Bara wani direba daga Kwangila ya kawo mini waya da ya saya hannu da hannu a tasha, mai kama da wata babbar waya, a shafin Storage an rubuta 256 GB. Kukansa shi ne tana ce masa wuri ya cika alhali shafin na nuna fiye da 200 a sarari. Da na buɗe bayanta na karanta lambar da ke jikin aisin, 16 ne. An gyara manhajar ne kawai ta riƙa faɗin ƙarya.

Alamar farko ita ce wadda Yaya ya gano ba da niyya ba. Kada ki dubi abin da ya rage, ki dubi girman ɗakin gaba ɗaya yadda kwamfuta ta gan shi. A abin da na saba gani, waya mai 128 takan nuna tsakanin 105 da 112 a Windows, mai 64 kuma wajen 50, ko ta ɗan haura ko ta ɗan gaza. In mai 128 ta nuna 50 da 'yan kai, to aisin 64 ne a ciki. In ta nuna 10 ko 11, na 16 ne. Taki ta nuna 107, shi ya sa na ce ki kwantar da hankali.

Sai dai masu jabu ma sun ƙware. Akwai waɗanda suke gyara wayar ta yi wa kwamfuta ƙarya, ta yi wa manhajojin bincike irin su CPU-Z ƙarya. Gwajin da ba a iya yaudara shi ne a cika ta. A tura mata manyan bidiyo daga kwamfuta har su haura rabin abin da take iƙirari, sannan a buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe. Wayar direban nan ta tsaya cak kafin a kai gig goma. Katin memori na jabu kuwa ya fi mugunta, domin shi ba ya tsayawa: zai yi ta karɓa, sunayen fayil su bayyana lafiya, amma in an buɗe sai a tarar wasu sun lalace, don ko dai sabo ya hau kan tsoho ko an zuba shi inda babu komai. Don kati akwai wata 'yar manhajar Windows mai suna H2testw da ke cika shi ta sake karantawa ta faɗi ainihin girmansa. Duk katin da zan sayar sai na bi shi da ita, ko da zai ɗauki awa biyu.

Abin da za ki iya ƙwatowa

Ƙarin ram shi ne babba. Ki nemi sunansa a akwatin bincike na Settings, ki kashe, ki sake kunna wayar. In ram ɗinki na gaske ya kai shida ko takwas, da wuya ki ji wani bambanci. In huɗu ne ko ƙasa, ki gwada kwana biyu. In kin ga manhajoji na yawan rufewa da kansu idan kin fita kin dawo, ki mayar da shi. Da gig 103 a hannu ba wani matsi kike ciki ba.

Manhajojin da suka zo da wayar iri biyu ne. Wasu, galibi wasanni da na talla, suna da maɓallin Uninstall, kuma cire su yana ba da wuri. Wasu kuma Disable kawai za ki gani. Waɗannan suna cikin `super`, kashe su a wasu wayoyin yana goge sabuntawarsu da bayanansu daga ɗakinki, ya kuma hana su sake saukowa, amma asalin yana nan. Haka ma dabarar da yara ke yi da kwamfuta suna cewa sun cire manhajar kamfani: ɓoye ta kawai suke yi. Ko da an goge ta da gaske, wurin da ta bari yana cikin wani ɗaki ne daban, ba zai ƙaru a naki ba, kamar yadda kwashe kaya daga zaure ba ya faɗaɗa ɗakin amarya. Shi ya sa nake hana mutane yi wa sabuwar waya rutin, wato ɓalle makullin da kamfani ya sa wa sistam, don neman wuri. Garanti ya tafi, wasu manhajojin banki su ƙi buɗewa, wurin kuma bai samu ba. Manhajojin da ke cewa za su share waya su ƙara wuri ma ki bar su. Abin da suke gogewa tarkacen wucin gadi ne da zai dawo gobe, su kuma su zauna suna cin data da talla.

In kin goge hotuna ko bidiyo kika ga wuri bai ƙaru ba, ki duba kwandon shara na Gallery ko Files. Yawanci sai sun yi kwana 30 a can kafin su fita da kansu.

103 ɗin ma ba duka ya kamata ki cika ba. Manajan cikin aisin nan yana buƙatar sarari don jujjuya rubutu, kuma in ma'ajiya ta kusa cika waya takan fara nauyi, musamman mai eMMC. Sabuntawar sistam ita ma, kamar yadda na faɗa, aron wuri take yi a ɗakinki, in ba ta samu ba sai ta ƙi sauka. Ni ina ba da shawarar a bar kamar kashi goma cikin ɗari, wato gig goma zuwa sha biyu a taki. Kada ki jira gargaɗin wayar, don shi sai abin ya rage 'yan ɗaruruwan megabayit yake fitowa, lokacin an riga an shiga wahala.

Inda na tsaya tare da masu ƙorafi shi ne a ƙananan wayoyi. Katangar nan kusan girmanta ɗaya ko filin babba ne ko ƙarami. Gig goma sha wani abu a cikin 128 abin haƙuri ne, a cikin 64 ya fara ciwo, a cikin 32 kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku tun ba a sabunta komai ba. Ba yau aka fara ba: a 2013 Galaxy S4 mai 16 GB ta zo da kusan gig tara kawai a sarari, aka yi ta ce-ce-ku-ce, Samsung ya ce ai akwai wurin saka memori. Wannan amsar har yau ake ba mutane a shaguna, kuma ba ta cika ba, domin yawancin manhajoji da saƙonnin WhatsApp a ma'ajiyar ciki suke zama, katin sai dai ya ɗauki hotunan kyamara, waƙoƙi da fina-finai. Babu abin da zai hana kamfani ya rubuta a kwali cewa 128 ne, wanda mai saye zai samu kusan 110. Wasu suna sakawa da ƙananan haruffa a ƙasan talla cewa wurin da za a samu bai kai haka ba, amma ba su cika faɗin nawa ba.

Saboda haka in wata a ɗakinku za ta sayi waya, ta sa a kunna mata ita a shagon, ta shiga Settings ta buɗe Storage kafin ta biya, ta kuma tambaya ko lambar ram da ke kwali ta haɗa da ta aro. In kuɗinta na 32 ne kawai, gara ta ƙara haƙuri ta tara na 64. Ke kuma ki sake duba taki bayan mako guda ba tare da kin saka sabon abu ba. In ta tsaya a wajen 102 ko 103, komai lafiya. In kin ga tana zubewa gig ɗaya ko biyu kullum, ki buɗe Apps a cikin Storage ki jera su daga mafi girma, mai laifin zai fito a sama, kuma sau tara cikin goma guruf ne na WhatsApp ko tashar Telegram da aka bar wa saukar da bidiyo da kanta.